Direbanmu Ne

'Yan wasa: Kabiru, ɗalibi, Lawal da Zainab, 'yan ajinsu, Malam Isa, mahaifin Kabiru.

Wuri: Ƙofar makaranta, an tashi.

(Kabiru ya shigo yana taku ɗai-ɗai. Takalmin ya yi masa yawa, yana sanye da baƙin tabarau da ƙaton agogo, waya a kunne.)

KABIRU: (da ƙarfi) Na ce kada ka zo da baƙar motar! Jiya ma ita ka kawo. Ɗauko farar!

ZAINAB: Kabiru, wayar nan fa a kashe take.

KABIRU: Irin ta manya ce, ba ta nuna haske saboda 'yan sa ido.

LAWAL: To babban yaro, ƙarfe nawa a agogon?

KABIRU: (ya ɗaga hannu sama don kowa ya gani) Ƙarfe 9 daidai.

LAWAL: Yanzu fa aka kaɗa ƙararrawar ƙarfe 2.

KABIRU: Lokacin ƙasar waje yake nunawa. Bai saba da nan ba tukuna.

LAWAL: Tunda Allah ya hore, biya ni kuɗin biron da na ranta maka tun zangon farko.

KABIRU: Haba Lawal, ni ina yawo da canji ne?

(Ƙararrawar keke. Malam Isa ya shigo yana turo keke, ƙafarsa da silifas ɗin yara. Kabiru ya daskare.)

ZAINAB: Sannu da zuwa, Baba. Wa kake nema?

KABIRU: (da sauri) Direbanmu ne!

(Shiru. Malam Isa ya dubi Kabiru tun daga sama har ƙasa, sannan ya rusuna.)

MALAM ISA: Ranka ya daɗe. Maigida ne ya aiko ni. Ya ce tun safe yake neman takalminsa.

KABIRU: (murya ƙasa-ƙasa) Baba, don Allah...

MALAM ISA: Na'am? Ɗaga murya, direba kunnensa ya yi nauyi.

(Kabiru ya tuɓe takalmin.)

MALAM ISA: Da agogon. Mai gyara yana jira. Tabarau kuma na yayanka ne, yana can ya ɗauko tsintsiya yana tsaye a zaure. Wayar ma, ƙanwarka tun hantsi take kuka, an ɗauke mata abin wasa.

ZAINAB: (tana riƙe ciki) Wayar ma?

(Kabiru ya miƙa su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya ƙafa ba takalmi.)

KABIRU: Lawal, Zainab... babana ne. Baba, ka yafe mini.

MALAM ISA: (ya dafa kansa) Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Taho mu tafi, mota na jira.

LAWAL: Baba, wannan baƙar ce ko farar?

MALAM ISA: Ita ke nan guda, ɗana. Shekara 20 ba ta taɓa shan mai ba. (Ya haye keken.) Sai dai yau ƙafata na ciwo. Ranka ya daɗe, tura!

(Kabiru ya shiga turawa. Malam Isa na kaɗa ƙararrawa, Lawal na biye da su yana kiran kuɗin bironsa. Labule.)