Silinda Mafi Girma da Za Ta Shiga Cikin Mazugi: Takardar Gyara ga Ɗaliban Aji Uku

Ɗalibaina, na gama duba gwajin ranar Alhamis. Tambaya ta huɗu ce ta kayar da mafi yawanku. A cikin ku talatin da biyu, mutum biyar ne kawai suka kai ƙarshenta. Na rubuta wannan takarda don kowa ya tafi da ita gida, ya zauna da biro da takarda ya bi ta a tsanake. Kada a karanta ta kamar labari. Duk layin da na rubuta, ku sake fitar da shi da hannunku.

Ga tambayar yadda ta zo. An ba mu mazugi miƙaƙƙe mai gindin da'ira, radiyus ɗin gindinsa santimita 6, tsayinsa santimita 18. Ana so a tsayar da silinda a cikinsa, gindinta a kan gindin mazugin. Wace silinda ce za ta fi kowace girman ciki?

Kafin mu taɓa lissafi, ku kawo hoton abin a ranku. Ku ɗauki mazurarin da ake ɗura mai da shi, ku kife shi a kan tebur. Idan kuka sa gwangwanin madara a ƙarƙashinsa, bakin gwangwanin na sama shi ne zai fara tokarar bangon mazurarin. Gwangwani siriri zai iya yin tsayi har ya kusa tsini, amma ba ya ɗaukar komai. Mai faɗi kamar faifai zai kusa cika gindin, sai dai ba shi da zurfi, shi ma ba ya ɗaukar komai. Wanda muke nema yana tsakanin waɗannan biyun. Da yawanku sun ce ai tsakiya ne, suka rubuta radiyus 3, rabin na mazugin. Hasashe ne mai kyau, amma ba daidai ba ne, za mu ga dalili.

Mu kira radiyus ɗin silindar r, tsayinta h. Girman cikinta:

V = πr²h

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Sama da mutum goma sun ɗauki wannan layi suka yi masa difaranshiyeshan kai tsaye, suka riƙe h kamar lamba ce tsayayya, suka samu 2πrh = 0, daga nan suka ce r = 0. Amsar da kanta tana faɗa muku an yi kuskure, domin silindar da ba ta da faɗi ba za ta fi kowa girma ba. Abin da aka manta shi ne h ba ta zaman kanta. Bangon mazugin ya ɗaure ta da r. Da zarar kun ƙara faɗi, dole tsayi ya sauka. Saboda haka aikin farko shi ne gano igiyar da ta haɗa su.

Ku tsaga mazugin gida biyu daga tsini zuwa gindi, kamar yadda ake tsaga kankana. Fuskar da ta bayyana alwatika ce, silindar kuma ta zama murabba'i mai dari a cikinta. Ku zana rabin wannan alwatika kawai: tsaye 18, kwance 6. A saman silindar akwai ƙaramar alwatika da ta rage, tsayinta 18 − h, gindinta r. Kusurwoyinta iri ɗaya ne da na babbar, don haka masu kama da juna ne, rabon gefunansu ɗaya:

(18 − h)/r = 18/6 = 3

h = 18 − 3r

Ku kula da 18 − h ɗin nan. Wasu sun rubuta h/r = 3, wato sun ba ƙaramar alwatikar tsayin silinda maimakon tsayin abin da ya rage a samanta. Hanyar gane wannan kuskure ba ta da wuya. Ku gwada r = 6, lokacin da silindar ta cika gindi. Ya kamata tsayinta ya zama sifili. h = 18 − 3r ta ba da sifili, waccan kuwa ta ba da 18. Daƙiƙa goma ke nan, sun ceci maki takwas.

Yanzu V ta koma kan harafi ɗaya, r kuma tana tsakanin 0 da 6:

V = πr²(18 − 3r) = π(18r² − 3r³)

dV/dr = π(36r − 9r²) = 9πr(4 − r)

Inda dV/dr ta zama sifili: r = 0 ko r = 4. Ta farko ita ce silindar da babu ita. Ta biyu muke zargi, amma sai mun tabbatar, domin mai duba takardar jarrabawa yana ba da maki a kan wannan mataki:

d²V/dr² = π(36 − 18r)

A r = 4 wannan ta zama −36π, ƙasa da sifili, ke nan giraf ɗin ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙwarya a kife, muna kan ƙololuwarsa. A bakin iyaka biyu, r = 0 da r = 6, V sifili ce. Babu wani wurin da zai fi wannan. Sai h = 18 − 12 = 6, kuma

V = π × 16 × 6 = 96π cm³

wato kusan 301.6 cm³.

Ga masu cewa 3, ku duba yadda V take tafiya. A r = 1, 15π. A 2, 48π. A 3, 81π. A 4, 96π. A 5 ta faɗo 75π, a 6 ta ƙare. Hawan a hankali yake, saukar kuma da sauri, shi ya sa ƙololuwar ba ta zauna a tsakiya ba. Dalili kuwa r tana shiga lissafin sau biyu, h sau ɗaya, don haka faɗi ya fi tsayi riba.

Abin da na fi so ku fahimta a duk wannan takarda shi ne ma'anar dV/dr = 0, don na lura kuna rubuta ta kamar hadda. Ku ɗauka silindar tana hannunku, kuka ƙara mata faɗi ɗan ƙanƙani. Abu biyu ke faruwa a lokaci guda. Ta samu ƙari a jikinta, wani siririn ɓawo da ya zagaye ta, mai faɗin fuska 2πrh. Sannan ta yi asara a kanta, domin bangon mazugin ya tilasta mata ta duƙa, an yanke mata wani siririn faifai mai faɗin fuska πr², kaurinsa kuma ninki uku ne na abin da aka ƙara, tunda h tana sauka 3 duk lokacin da r ta hau 1. Ciniki ne, akwai riba akwai faɗuwa. A r = 2, ribar tana tafiya a kan 48π, faɗuwar 12π, don haka a ci gaba da faɗaɗawa. A r = 5, riba 30π, faɗuwa 75π, an wuce gona da iri, a dawo baya. A r = 4 riba 48π, faɗuwa 48π, sun yi kunnen doki. Wurin da ƙari bai ƙara komai ba, ragi ma bai ƙara komai ba, nan ne ƙololuwa. Wanda ya gane wannan ba zai sake riƙe h a tsaye ba, domin yin haka lissafa riba ne a manta da faɗuwa.

Ku ɗauki kalkuleta ku gwada kusa da wurin. A r = 3.9, V = 95.823π. A r = 4.1, V = 95.817π. An matsa milimita guda ta kowane ɓangare, amma girman cikin da ƙyar ya motsa. Johannes Kepler ya lura da irin wannan a aikinsa na 1615 kan auna ganguna, cewa dab da mafi girma canji yakan yi sanyi ƙwarai. Wannan kuwa tun kafin Leibniz ya wallafa kalkulas ɗinsa a 1684.

Yanzu mu cire lambobi mu sa haruffa, don amsar ta yi aiki ga kowane mazugi mai radiyus R da tsayi H:

h = H(R − r)/R

V = πH(r² − r³/R)

dV/dr = πH(2r − 3r²/R) = 0

r = 2R/3, h = H/3

V = 4πR²H/27

Girman cikin mazugin kansa πR²H/3 ne. Idan aka raba, π da R da H duk sun soke juna, abin da ya rage 4/9. Wannan sakamako yana burge ni duk shekarar da na koyar da shi. Ko mazugin dogo ne siriri, ko mai faɗi ne kamar malafa, ko babba ne kamar jinkar ɗaki, silinda mafi girma tana tsayawa a sulusin tsayinsa, tana kuma cin kashi huɗu cikin tara na cikinsa, bai ma kai rabi ba. A namu misalin, mazugin 216π ne, silindar 96π. Ƙaramin mazugin da ya rage a samanta, mai radiyus 4 da tsayi 12, ya ɗauki 64π. Sauran 56π yana cikin zoben da ya zagaye ta a ƙasa. Ku haɗa ukun ku gani ko sun cika.

Ɗaya daga cikinku ta bi wata hanya da ban koyar ba, na kuma ba ta cikakken maki. Ta lura cewa r²(R − r) ninki huɗu ne na (r/2)(r/2)(R − r), kuma jimillar waɗannan guda ukun R ce kullum. Lambobi marasa gaza sifili masu tsayayyar jimilla sun fi ba da babban sakamakon ninkawa idan sun yi daidai da juna. Sai ta sa r/2 = R − r, ta samu 2R/3. Madalla da wannan tunani. Sai dai idan tambaya ta ce a yi amfani da kalkulas, ku yi da kalkulas, ku ajiye wannan hanya ta zame muku abin duba amsa.

Gargaɗi ɗaya game da haddace 2R/3. Wannan amsar girman ciki ce kaɗai. Idan aka tambayi silindar da lanƙwasasshen jikinta ya fi faɗin fuska, abin da za ku girmama shi ne 2πrh, inda r ta shiga sau ɗaya kawai, amsar kuma r = R/2, h = H/2. A can ne masu cewa 3 za su ci. Ku karanta tambaya sau biyu kafin ku ɗora biro.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin kafin a shiga aji. Na farko, mazugi mai radiyus santimita 15 da tsayi santimita 12, ku nemo r da h da V na silinda mafi girma, ku nuna gwajin d²V/dr². Na biyu, mazugi mai radiyus santimita 9 wanda tsawon gangarensa daga tsini zuwa bakin gindi santimita 15 ne. Ba a ba ku tsayi ba, sai kun fara nemo shi da ƙa'idar Pythagoras. Na uku, ku sake warware tambayar ranar Alhamis, amma wannan karon ku kawar da r ku rubuta V da h kaɗai, ku ga ko za ku dawo kan 96π. Kowace amsa ta zo da zanen alwatikarta. Wanda ya maƙale ya same ni a ofishin malamai bayan sallar azahar.