Daga Makka Zuwa Madina: Wasan Kwaikwayo Na 'Yan Aji Huɗu

An shirya wasan ne don a yi shi a filin makaranta ranar walimar sabuwar shekarar 1447, bayan karatun Alƙur'ani. Minti goma sha biyar ya ishe shi. Babu yaron da zai fito a matsayin Annabi (SAW) ko wani sahabi. Labarinsu daga bakin waɗanda suka gani ko suka ji zai fito. Duk inda aka ambaci Annabi, ajin gaba ɗaya ya yi salati. Labarin gizo-gizo da kurciya a bakin kogo da gangan ban sa shi ba, don malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa.

'Yan wasa: Kaka, jikokinta Hadiza da Sani, Fadawa biyu, Baƙuraishe Babba da Baƙuraishe Ƙarami, Mai Ajiya, Makiyayi, Uwa, da yaran Madina huɗu.

Kayan wasa: tabarma, kalanda, tebur biyu da bargo a lulluɓe (kogo ke nan), sanduna, ƙunshin tsumma, benci, faranti cike da dabino.

FITOWA TA ƊAYA

(Tsakar gida. Kaka a kan tabarma tana jan carbi. Sani ya shigo da kalanda, Hadiza na biye da shi.)

SANI: Kaka, masu buga kalandar nan sun yi kuskure. A sama sun rubuta 2025, a ƙasa kuma 1447.

HADIZA: Na faɗa masa ba kuskure ba ne, ya ƙi ji.

KAKA: To ke da kika sani, 1447 ɗin daga ina aka fara ƙirgawa?

HADIZA: (tana sosa kai) Daga... haihuwar Annabi?

KAKA: Kin ga, ku biyun duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ku zauna. Daga Hijira aka fara, shekarar 622 ta Miladiyya. Shekara goma sha uku Annabi ya yi a Makka yana kira a bauta wa Allah Shi kaɗai, manyan Ƙuraishawa kuwa suna ta gana wa mabiyansa azaba. Bilalu a kan yashi mai zafi suka kwantar da shi, suka ɗora masa dutse a ƙirji.

SANI: Sai suka gudu Madina?

KAKA: Kai da gaggawa! Kafin Madina akwai Habasha, nan nahiyarmu ta Afirka. A shekara ta biyar da aiko Annabi, ya ce wa wasu sahabbai su tafi can, akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ku duba can.

FITOWA TA BIYU

(Ƙofar fadar Najjashi, sarkin Habasha. Fadawa biyu da sanduna.)

BAFADE NA ƊAYA: Ina ka shiga ɗazu? Ka yi asarar kallo.

BAFADE NA BIYU: Ruwa na je sha. Me ya faru?

BAFADE NA ƊAYA: Mutanen Makka sun aiko jakadu biyu da kyaututtuka, wai a ba su baƙin nan su koma da su.

BAFADE NA BIYU: Sarki ya ba su?

BAFADE NA ƊAYA: Ina! Cewa ya yi sai ya ji ta bakin baƙin tukuna. Sai wani cikinsu, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, ya miƙe. Ya ce da can gumaka suke bauta wa, mai ƙarfi yana cin marar ƙarfi, har Allah Ya aiko musu Manzo wanda ya hore su da gaskiya da riƙon amana da zumunci. Daga nan ya karanta farkon Suratu Maryam.

BAFADE NA BIYU: A gaban sarkinmu Kirista?

BAFADE NA ƊAYA: A gabansa. Da idona na ga hawaye ya jiƙa masa gemu. Ya ce wannan da abin da Annabi Isa ya zo da shi daga fitila ɗaya suka fito.

BAFADE NA BIYU: Kyaututtukan fa?

BAFADE NA ƊAYA: Ya ce a mayar musu da kayansu.

BAFADE NA BIYU: Duka? Kash! Ko ɗan guntu ba a rage wa fadawa ba?

(Su fita, na ɗaya yana jan na biyu.)

KAKA: (daga gefe) Bayan shekaru, mutanen Yasriba, wato Madina ta yau, suka zo aikin hajji, suka haɗu da Annabi da dare a Aƙaba. Maza saba'in da uku, mata biyu. Suka yi alkawarin za su kare shi kamar yadda suke kare iyalinsu. Musulmi suka fara sulalewa kaɗan-kaɗan. Suhaibu ma sai da ya bar wa Ƙuraishawa dukiyarsa kaf kafin su ba shi hanya.

FITOWA TA UKU

(Titin Makka da sassafe. Ƙuraishawa biyu suna hamma. Mai Ajiya ya zo da ƙunshi a hammata.)

BAƘURAISHE BABBA: Kwana muka yi a tsaye a ƙofar gidan Muhammadu, kowace kabila ta kawo saurayi ɗaya da takobi, kamar yadda aka shirya a Darun Nadwa.

BAƘURAISHE ƘARAMI: Ni ko ƙiftawa ban yi ba. Ina ta leƙe, ina ganin mutum kwance cikin mayafi.

BAƘURAISHE BABBA: Gari ya waye, wa ya tashi daga shimfiɗar? Aliyu ɗan Abu Ɗalib!

MAI AJIYA: Ku matsa mini in wuce, kayana na karɓo.

BAƘURAISHE ƘARAMI: Wane kaya?

MAI AJIYA: Ajiyar da na ba shi. Ya bar Aliyu ya mayar wa kowa da nasa. Na ƙirga, ko ƙwaya ba ta yi ciwon kai ba.

BAƘURAISHE BABBA: Kai da kake zaginsa a kasuwa, shi ka ba ajiya?

MAI AJIYA: To wa zan ba? Kai?

(Ya wuce. Babba ya bi shi da harara.)

BAƘURAISHE BABBA: A yi shela! Raƙumi ɗari ga duk wanda ya kawo shi, raƙumi ɗari kuma a kan Abubakar!

FITOWA TA HUƊU

(Kogon Sauru. Babu kowa a ƙarƙashin teburan. Ƙuraishawan suna tafe suna duba ƙasa.)

BAƘURAISHE ƘARAMI: Yasriba tana arewa, mu kuma ga mu a kudu muna hawan dutse. Wa zai nufi arewa ya fara da kudu?

BAƘURAISHE BABBA: Duba ƙasa, ka ga sawu?

BAƘURAISHE ƘARAMI: Sawun tumaki kawai. Ƙafata ta yi kanta, mu koma.

(Su tsaya daf da bakin kogon, su dubi dama, su dubi hagu, ba su sunkuya ba. Su tsaya cak kamar gumaka.)

HADIZA: Kaka, suna ciki?

KAKA: Suna ciki, har suna ganin ƙafafun mutanen. Sayyidina Abubakar ya ce, da ɗayansu zai dubi ƙarƙashin ƙafarsa da ya gan mu. Annabi ya ce masa, me kake zato da mutum biyu waɗanda Allah ne na ukunsu? Ajinmu, wace aya ce ta ba da labarin?

AJI DUKA: "La tahzan innallaha ma'ana." Kada ka yi baƙin ciki, lallai Allah Yana tare da mu. Suratut Tauba, aya ta 40.

(Ƙuraishawan su fita.)

SANI: Kwana nawa suka yi a ciki?

KAKA: Uku.

SANI: Ba abinci?

KAKA: Ai na san nan za ka tambaya. An shirya komai tun kafin a fito, kowa da aikinsa. Abdullahi ɗan Abubakar ya wuni a Makka yana sauraron abin da ake ƙullawa, da dare ya kai labari. Amiru ɗan Fuhaira ya koro tumaki, a sha madara, tumakin kuma su tattake sawun Abdullahi. Asma'u 'yar Abubakar ta haɗa guzuri, ta rasa abin ɗaurewa, ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure da ita. Jagoran hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ko Musulmi ba shi ne ba a lokacin, amma ya san hamada kamar tafin hannunsa, ya bi da su ta wajen gaɓar teku.

(Makiyayi ya shigo da gudu yana haki.)

MAKIYAYI: Jama'a, na ga abin mamaki! Suraƙa ɗan Malik ya sako doki a bayansu yana kwaɗayin raƙuma. Da ya matso, sai ƙafafun dokin suka nutse cikin ƙasa har gwiwa. Ya nemi aminci, aka ba shi. Yanzu duk wanda ya tunkaro, Suraƙa ne ke ce masa ya koma, nan babu kowa.

FITOWA TA BIYAR

(Bayan garin Yasriba. Yara huɗu a kan benci, hannu a goshi. Uwa na riƙe da farantin dabino.)

YARO NA ƊAYA: Inna, yau ma rana ta take, ba su iso ba.

UWA: Kullum haka muke, mu fito da hantsi, zafi ya kore mu. Ku sauko, gobe ma rana ce.

(Sun juya ke nan, sai murya daga bayan fage.)

MURYA: Ya ku Larabawa! Ga wanda kuke jira nan ya iso!

YARINYA: Wa ya yi kiran?

UWA: Wani Bayahude ne daga saman ginin can, ya hango su cikin fararen kaya.

YARA DUKA: Allahu Akbar! Manzon Allah ya iso!

(Su ruga waje. Bayan 'yan kwanaki ke nan, yaro na biyu da na uku su dawo.)

YARO NA BIYU: A Ƙuba ya fara sauka ranar Litinin, har an kafa masallaci a can. Yau ya shigo gari, kowa na jan akalar taguwarsa yana cewa a sauka a gidansa.

YARO NA UKU: Ya ce a ƙyale ta, umarni take bi. Ta je ta durƙusa a filin wasu marayu biyu, Sahlu da Suhailu. Sun ce kyauta, ya ce sai dai a saya. Nan za a gina masallaci. Shi kuma yana gidan Abu Ayyuba.

UWA: To ku share ɗakin nan na gaba. An haɗa mu 'yan'uwantaka da baƙi, ko dabino ɗaya gare mu sai mun raba biyu.

FITOWA TA SHIDA

(Tsakar gidan Kaka.)

KAKA: Waɗanda suka zo su ne Muhajirai, masu masauki su ne Ansaru, Yasriba kuma ta zama Madina. Sa'adu ɗan Rabi'u ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya ɗauki rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya sa masa albarka, ya ce shi dai a nuna masa hanyar kasuwa.

HADIZA: Kenan yau ɗaya ga Muharram suka isa?

KAKA: A'a, cikin Rabi'ul Awwal suka isa. A zamanin halifancin Sayyidina Umar ne sahabbai suka yi shawara a riƙa ƙirga shekaru daga shekarar Hijira, aka bar Muharram ya zama watan farko.

SANI: Kaka, ni Ba'ansare ne ko Muhajiri?

HADIZA: Mu gwada. Ga dabino ɗaya a hannunka, ni kuma baƙuwa ce daga Makka.

(Sani ya dubi dabinon, ya dubi Hadiza, ya daɗe. Ya raba biyu, ya auna su a tafin hannu, ya miƙa mata babban.)

KAKA: Ƙwallon fa, wa zai ci?

('Yan wasa duka su fito su jera. Uwa ta zaga da faranti, kowane yaro ya ɗauki dabino ɗaya ya raba da na kusa da shi. Aji ya yi salati sau uku, a sauke bargo daga kan teburan.)