Neman Izinin Shiga Mujallun Laburare ta VPN Daga Ƙasar Waje

Kuala Lumpur, Maleshiya
Talata, 14 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Mai Kula da Hanyoyin Sadarwa,
Ofishin Fasahar Sadarwa na Jami'a,
Legas.

Assalamu alaikum, Injiniya.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ni ɗalibin digiri na uku ne a Sashen Kimiyyar Sinadarai, ina bincike kan dalma da kadmiyam a lakar tafkin Legas, daga Makoko zuwa Ikorodu. Sashe ya turo ni nan tun 18 ga Nuwamba, 2024 don in auna samfurori a wani ɗakin gwaji, kuma zan dawo ranar 30 ga Yuni, 2025, in Allah ya yarda. Ina roƙon a buɗe min asusun VPN na jami'a na wannan tsakanin, don in riƙa karanta mujallun da laburarenmu ya riga ya biya wa kuɗi. Takardar neman da na cika da Turanci tana haɗe. Wannan ƙarin bayani ne gare ka, tunda kai za ka saita abin da hannunka.

Matsalar a adireshin IP take. ScienceDirect da SpringerLink ba sunana suke dubawa ba, adireshin da na fito ta cikinsa suke dubawa. Ina cikin harabar jami'a, in na buɗe maƙala a Marine Pollution Bulletin, sunan jami'armu na fitowa a saman shafi, fayil ɗin PDF kuma ya sauka nan take. A nan taƙaitaccen bayanin maƙalar kawai nake gani, sai maɓallin Purchase PDF, da farashi sama da dala 30 a kan maƙala ɗaya. Ina da maƙaloli 46 a jere da nake bukata don babi na biyu. Ka lissafa da canjin naira na yau.

Watan farko ban ji a jika ba, saboda Google Scholar na tuna wa mutum rajistar jami'arsa har kwana 30 bayan ya bar haraba. Wa'adin ya cika a tsakiyar Disamba. Masu masaukina kuwa a layin baƙi suka sa ni, wanda ke fita ta adireshin kamfanin sadarwa, ba wanda suka yi wa rajista da mawallafa ba, kuma ba sa bai wa baƙon da bai yi rajistar zango ba asusun laburare. Maɓallin Access through your institution ma na gwada, bai kai ni ko'ina ba.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon a duba tun wajen saitawa, don kada a buɗe asusun ya zama an yi ba a yi ba.

Na farko, kuma shi ya fi damuna: hanyar ta kwashi duk abin da kwamfutata ke aikawa, ba na cikin jami'a kaɗai ba. In an saita ta yadda sai mai zuwa sabar jami'a ne ke bi ta ciki, manhaja za ta nuna Connected, zan iya buɗe shafin rajistar ɗalibai lafiya lau, amma mawallafi zai ci gaba da ganina a Maleshiya, ya ce in biya. Na san za a iya cewa a jera adireshin mawallafan ɗaya bayan ɗaya a tura su ta ciki. Ba na jin hakan zai ɗore, domin da yawansu suna bayan kamfanonin rarraba shafuka ne irin su Cloudflare, adireshin yau ba lallai ya zama na gobe ba. In OpenVPN kuke amfani da shi, wannan layin a ɓangaren saba ya wadatar, in dai sabar na yin NAT ta fitar da abin ta adireshin jami'a, tare da turo min DNS na jami'a:

```
push "redirect-gateway def1"
```

Layin da nake kai yana da IPv6. In hanyarku IPv4 kawai take ɗauka, burawuza za ta iya zagayewa ta IPv6 ta isa wurin mawallafi da adireshina na nan. Wannan ni zan kashe shi a kwamfutata, na faɗa ne kawai don a sani. Da zarar na haɗu zan gwada da waɗannan, in turo maka abin da ya fito ka tabbatar yana cikin adireshin da laburare ya yi wa rajista:

```
curl -4 ifconfig.me
curl -6 ifconfig.me
```

Na biyu shi ne ƙofa. Layin baƙi na nan a matse yake, masu kula da shi sun tabbatar min sun toshe UDP 1194 da OpenVPN ya saba bi, haka ma 500 da 4500 na IKEv2. WireGuard kuwa UDP kaɗai ya sani, don haka ba zai yi min ba. Abin da ke buɗe shi ne TCP 443, ƙofar da shafukan HTTPS ke bi. Na san TCP a cikin TCP kan yi nauyi in layi ya tsawaita, amma fayil mai megabait 3 ko 4 zan sauke, ba bidiyo ba.

Na uku, lambar tabbatarwa. Kada a ɗaura ta a kan saƙon tes zuwa layina na Najeriya. Saƙon banki ma sai ya yi minti goma kafin ya iso nan, wani lokaci ya ƙi zuwa sam, alhali lambar ta riga ta mutu. In da hali a ba ni ta manhaja irin Google Authenticator, wadda ke canza lamba duk daƙiƙa 30 ba tare da layin waya ba.

Kwamfuta ɗaya zan yi amfani da ita, mai Ubuntu 22.04, kuma OpenVPN na kanta. In FortiClient ko AnyConnect ne naku, a gaya min wanda zan sauke. Ina roƙon a turo fayil ɗin saiti ta imel ɗina na jami'a, kalmar sirri kuma ta wata hanya daban, kada su zo a saƙo guda.

Na san abin da ke sa ofishinku taka-tsantsan. Mutum ɗaya ya sa manhaja ta kwashi ɗaruruwan maƙaloli a dare guda, mawallafi ya rufe adireshin jami'a baki ɗaya, kowa ya kwana a ciki. Na ɗauki alkawarin da hannu zan sauke, ba fiye da goma a rana ba, ba zan ba kowa kalmar sirrina ba, kuma zan kashe hanyar da na gama don kada in cinye muku layi. A sa wa asusun ranar mutuwa, 30 ga Yuni. In an ga abin da bai dace ba a rajistar shiga, a rufe kafin a tambaye ni.

In kuma dokar jami'a ta keɓe VPN ga ma'aikata ne kawai, ba na jayayya. EZproxy ko OpenAthens zai biya min bukata in laburare na da ɗaya daga ciki, har ma ya fi sauƙi a gare ku, tunda mujallun kaɗai zai buɗe. Sai a nuna min wanda zan rubuta wa a can.

Maleshiya na gaban Legas da awa 7, ƙarfe 9 na safenku ƙarfe 4 na yamma ne a nan. Ina samuwa don gwaji daga 9 zuwa 2 agogon Legas, Litinin zuwa Alhamis. A kuma sanar da ni ko sabar na kan inbata da dare, don safiyata tsakar darenku ce, kada in ɗauka saitina ne ya lalace alhali wuta aka ɗauke.

Na haɗa da hoton katin ɗalibi mai lambar rajistata, rasit ɗin kuɗin makaranta na 2024/2025, takardar izinin tafiya daga Makarantar Karatun Gaba da Digiri, wasiƙar malamin da ke duba aikina, da hotunan allo biyu na shafin da ke neman kuɗi. Malam na jiran babi na biyu ranar 28 ga Fabrairu, shi ya sa zan so a samu yin gwajin farko kafin ƙarshen wannan wata.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. A gaida mutanen Agege.

Naka ɗalibi,
Kabiru
Sashen Kimiyyar Sinadarai