Neman ganawa ta minti 20 kan sayen shanshera kafin girbin damina

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fata an wuni lafiya, ya kuma ƙoƙari.

Ina neman ka ba ni minti 20 a mako mai zuwa domin ka yanke mana hukunci a kan abu biyu: yadda za mu biya kuɗin shansherar da ke zuwa da laima a kakar bana, da gyaran injin busarwarmu na biyu. Sabuwar shinkafa za ta fara fitowa daga Kura, Bunkure da Garun Malam nan da mako uku, ta Haɗeja da Auyo na biye, kuma dole mu sanar da dillalanmu ƙa'idar saye kafin motar farko ta hau sikeli. In aka fara sauke kaya a kan tsohuwar ƙa'ida, sauya ta a tsakiyar kaka rigima ce da dillalai.

Lokutan da nake ganin za su yi, bisa abin da sakatarenka ya ce babu taro a cikinsu:

Talata, ƙarfe 10:00 na safe, a ofishinka.
Laraba, ƙarfe 2:30, bayan sallar Azahar.
Alhamis, ƙarfe 4:30, bayan La'asar.

In babu wanda ya yi maka a cikinsu, ka zaɓi duk lokacin da ka ga dama daga Litinin zuwa Asabar, zan gyara aikina in zo. In kuma tafiyarka ta Abuja ta matso, ana iya yin maganar ta waya, ko in raka ka a mota zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano mu ƙarasa ta a hanya. Abin da kawai nake roƙo shi ne kada ya wuce Asabar, domin ranar Litinin ta sama muke zama da dillalai.

Ga dalilin. A yanzu muna biya ne bisa nauyin da sikelin mota ya nuna, ba tare da duba ruwan da ke cikin ƙwayar ba. Shansherar da za a ajiye lafiya laimarta ba ta wuce kashi 14 cikin 100, amma wadda aka yanka a farkon kaka takan zo da kashi 20 zuwa 24, musamman in manomi na gaggawar sayarwa ya biya bashin taki. Lissafin ba shi da wuya. Buhu mai kilo 100 da ya zo da laima kashi 22, in an busar da shi zuwa 14, kilo 90.7 zai koma. Tirela mai tan 30 za ta koma tan 27.2, wato kusan buhu 28 na ruwa muka biya da kuɗin shinkafa. Shirinmu na bana tan 6,000 ne, tirela 200 ke nan. Ko rabinsu ne suka zo a haka, asarar ta kai tan 280, fiye da lodin tirela tara.

Asarar nauyi ita ce wadda ake gani a takarda. Wadda ta fi ciwo tana faruwa ne a rumbu. Jiƙaƙƙiyar shanshera in ta kwana ɗaya ko biyu a jibge sai ta ɗau zafi, ƙwayar ta yi rawaya, fumfuna ta kama ta, kuma babu injin da zai mayar da ita fara. Injin busarwarmu guda ne ke aiki, tan 30 yake ɗauka a zubi ɗaya. Na biyun yana tsaye tun da murhun buntunsa ya tsage. A tsakiyar kaka mukan sauke tirela huɗu zuwa biyar a rana, don haka sauran sai shanya a tanfol. Shanyar rana kuwa ba ta da ma'auni: in ta bushe da sauri ko ta wuce kima, ƙwayar ta tsattsage daga ciki, a wajen casa ta karye, mu sayar da ita a farashin gutsattsari.

Hanyoyi uku zan kawo maka. Ta farko, a auna kowace mota a ƙofa, a ɗebi samfuri daga buhu goma a wurare daban-daban na lodin, sannan a rage nauyin da za a biya gwargwadon laimar da ta haura 14, a gaban mai kaya yana kallon na'urar auna laima. Ta biyu, mu ƙi karɓar duk abin da ya haura kashi 18. Ta uku, a gyara injin busarwa na biyu kafin kaya su yi yawa.

Ra'ayina shi ne a haɗa ta farko da ta uku. Ta biyun ta fi sauƙin aiwatarwa, amma ba na goyon bayanta: kamfanonin casa sun yi yawa a Kano, dillalin da aka mayar wa da mota yau gobe ƙofar wani zai nufa, kuma a farkon kaka ne farashi ya fi sauƙi. Ita ma ta farkon tana da nata haɗarin. Wasu dillalan za su yi ƙorafin an cuce su, musamman in na'urorinmu biyu suka ba da sakamako daban, shi ya sa nake so a daidaita su tukuna, a kuma manna jadawalin ragin a bakin sikeli kowa ya gani.

Na san ana iya cewa wannan magana ce ta sashenmu, me zai kai ta teburinka. Dalili biyu ne. Ƙa'idar biya tana cikin yarjejeniyar da kai ka sa wa hannu da manyan dillalai, ba ni da hurumin taɓa ta. Sannan kuɗin gyaran murhun ya wuce abin da Manajan Masana'anta ke da ikon amincewa da shi. Na riga na zauna da shi da kuma Shugabar Sashen Kuɗi, duk sun ga lissafin kuma sun yarda da shi, sai dai ita tana so a biya kuɗin gyaran kashi biyu. In ka yarda, zan so su biyun su shigo ganawar, don kada a bar wata tambaya ba amsa.

Minti biyar na farko zan nuna maka lissafin a shafi guda, da farashin shanshera na ranar, tunda yana sauyawa kusan kowane mako. Minti goma na tambayoyinka ne. Biyar na ƙarshe mu ji hukuncinka a kan abu biyu: sabuwar ƙa'idar biya, da izinin gyara. Zan aiko da shafin lissafin tare da ƙiyasin kuɗin gyara daga injiniyoyi biyu kwana guda kafin mu haɗu, domin ka duba in ka samu sarari. In bayan ka karanta ka ga ba sai an zauna ba, amsarka a rubuce ta wadatar.

Zan tuntuɓi sakatarenka ranar Litinin da safe in ji lokacin da ka zaɓa.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ni ne naka,
Shugaban Sashen Sayen Shanshera