Kaskon Garwashi

Kafin ƴan kwana-kwana su iso, wutar ta riga ta cinye rumfuna huɗu a layin ƴan kayan masarufi na kasuwar Tawa. Iskar hunturu ce ta yi mata jagora. Ta lashe rumfar Alhassan, ta haura ta tela Mamman, ta bi ta Inna Hajo mai daddawa, sannan ta kwanta kan dilolin atamfar Alhaji Sanusi.

Da gari ya waye, Alhassan ya tsaya cikin toka. Gwangwanayen tumatir sun fashe, sukari ya narke ya zama baƙar kwalta yana kama takalmi. Shekara bakwai ya yi yana tallar agogo a Abijan kafin ya kafa wannan rumfa. Mutane na ta zuwa jaje, kowa da magana ɗaya: "Wayar lantarki ce. Allah shi maida alheri."

Shi kuwa idonsa na kan wani abu a ƙarƙashin kwanon rufin da ya lanƙwashe: kaskon garwashin da ya ɗumama ƙafa da shi jiya, ya dafa shayi, ya tura bayan kwalayen ashana da aka kira magariba, da niyyar ya dawo ya kashe. Bai dawo ba. Da ƙafa ɗaya zai iya tura shi cikin toka, babu mai tambaya.

A gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Zalika ta dube shi ta ce, "Malam, wannan shirun ba na hasara ba ne." Da ya faɗa mata, ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta tashi ta rufe ƙofa.

Ranar Talata aka zauna gaban sarkin kasuwa, da liman a gefe. Alhassan ya ajiye kaskon a tsakiyar tabarma.

"Ranka shi daɗe, ba lantarki ba ne. Ni ne."

Wurin ya yi tsit, sai kuma ya kaure. Waɗanda suka riƙe hannunsa shekaranjiya su ne suka fara lissafi da ƙarfi. Ba a ga laifinsu, kowa da bakunan da ke jiransa a gida.

Alhaji Sanusi ya ce tasa miliyan biyu ce, ba ragi. Liman ya gyara zama ya ce wanda sakacinsa ya jawo ɓarna shi ke biya, haka shari'a ta ce, amma abin da ya ƙone ake biya, ba abin da aka so a samu ba. Ya tambayi Alhaji ko zai dafa Alƙur'ani a kan adadin. Alhaji ya dubi yaron shagonsa, yaron ya dubi ƙasa, don shi ya kwashe dila shida zuwa gida ranar Juma'a a kan amalanke. Adadi ya sauko jika ɗari bakwai.

Ta Mamman ce ta fi ciwo. Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe tsumma ya fito da kan kekensa, ya yi baƙi ƙirin.

"Keke ƙarfe ne, Alhassan, a hankali za a sayi wani. Amma kayan amarya kala tara na ciki, biki saura kwana goma. Uwar yarinya ta zo ƙofata tun asuba. Mi zan ce mata?"

"Ni zan je in faɗa mata," in ji Alhassan. "Babur ɗina na waje. A kai shi ga dillali yau."

Inna Hajo ta ce ita ba ta iya lissafin boko ba. Tiya goma sha biyu ta daddawa, buhun kuka ɗaya, da kujerar da ta gada wurin uwarta. "Kujerar ba ka da abin biyanta, ɗana, na yafe. Sauran kuwa ina so, marayu gare ni."

Aka rubuta takarda: jika ashirin da biyar duk wata ga Alhaji, kuɗin babur ga Mamman, Inna kuma da abin da ya samu. Alhassan ya dangwala yatsa. A hanyar gida wani ɗan uwansa ya tare shi ya ce, "Kai dai wawa ne, wa ya gan ka?" Bai amsa ba, don ya fara lissafin watanni: ashirin da takwas.

Lahadi, ranar kasuwa, ya shimfiɗa buhu a inda rumfar take, ya jera sabulu goma da ƙullin gishiri da Zalika ta sayo da kuɗin ɗan kunnenta. Warin ƙuna bai bar wurin ba. Wajen azahar ciniki ya kai dala ɗari biyu. Ya raba biyu, ya tsallaka tokar zuwa inda Inna Hajo ke zaune kan bulo, ya durƙusa ya miƙa mata.

Ta ƙirga, ta ƙulle a bakin zane.

"Saura nawa, Inna?"

"Da saura," ta ce. "Koma, ga mai sayen sabulu can tana jiranka."