Filin Manoma: Abin da Gwajin Ƙasa Yake Iya Faɗa da Abin da Ba Ya Iyawa

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na manoma. Ga shi muna cikin watan Afrilu, ana ta sharar gona da kai taki, masu noman rani kuma suna kwashe na ƙarshe. To wannan ne lokacin maganar da na zo da ita yau.

Wani dattijo daga yankin Bunkure ya aiko mana da tambaya. Ya ce bara ɗansa ya kai ƙasar gonarsu an gwada, suka sayi takin da aka rubuta musu, amma masarar ba ta yi abin kirki ba. Yana son ya ji ko gwajin nan cin kuɗi ne kawai. Baba, Allah ya ƙara girma, gwajin ba cin kuɗi ba ne. Sai dai akwai inda ya tsaya, kuma ya kamata kowane manomi ya san wurin kafin ya fitar da kuɗinsa.

Gwajin ƙasa kamar gwajin jini ne a asibiti: abin da aka nema shi ake dubawa, kuma a cikin ɗan abin da aka ɗiba.

Abu na farko da takardar za ta nuna maka shi ne tsamin ƙasa. Za ka ga an rubuta pH, sai lamba a gabansa. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuma ƙasar ta karkata wajen kanwa. Masara, dawa, gyaɗa da wake sun fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 7. In lambar ta faɗo ƙasa da 5.5, ko ka zuba taki mai yawa shuka ba za ta ci moriyarsa duka ba, domin ƙasar tana riƙe sinadarin fosfaras ta hana saiwa. Wannan kuwa ido ba ya gani. Gonar da aka daɗe ana zuba mata yuriya shekara da shekaru, babu takin gida, babu toka, a hankali take yin tsami mai ita bai sani ba.

Sannan za ta nuna fosfaras da fotashiyam da shuka za ta iya samu, da yawan ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ya rage a ƙasar, da kuma rairayi da laka, wanne ya rinjaya. A nan ne kuɗinka yake dawowa. Buhun kamfa mai rubutun NPK 15-15-15 kilo 50 ne, kuma a cikinsa akwai kilo 7.5 na kowanne daga sinadaran uku, wato naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Buhun yuriya kuwa, shi ma mai kilo 50, naitirojin kaɗai yake bayarwa, kilo 23. Yawancin gonakinmu na Arewa naitirojin da fosfaras suka fi rasawa. To in gwaji ya nuna gonarka tana da isasshen fotashiyam, me zai sa ka yi ta biyan kuɗinsa? Mai gyaɗa ko waken suya kuma sau da yawa sufa yake bukata, ba yuriya ba, tunda waɗannan suna samar wa kansu naitirojin ta ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu. A tsadar takin nan da muke ciki, buhu ɗaya da ka tsira da shi ba ƙaramin abu ba ne.

'Yan'uwa masu noman rani a Kura da Kadawa, ku ma ku saurara. In kuna ganin fari-fari a bakin kunya bayan ruwa ya janye, ku ce a duba muku gishiri. Ana iya aunawa.

Yanzu mu koma ga tambayar Baba.

Gwaji ba ya sanin damina. Bai san ko ruwa zai ɗauke makonni uku masara tana fitar da kai ba, bai san ko za a tafka ruwan da zai wanke yuriyar da ka watsa jiya ba. Shi kansa naitirojin ba ya zama wuri ɗaya, yana bin ruwa, don haka lambarsa a takarda ishara ce kawai. Shi ya sa muke cewa a raba shi kashi biyu, a kuma binne, kada a bar shi a sarari.

Gwaji ba ya ganin wuta-wuta. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran dawa ko masara. Takarda za ta iya fitowa da kyau alhali gonar cike take da su. Haka tsutsar da ke cin zuciyar masara, haka ƙananan tsutsotsin da ke kumbura saiwar tumatir. Waɗannan na ƙarshe ana iya gano su, amma da wani gwaji na daban, sai ka nema. Sinadaran zin da salfa da boron su ma ba kowane wuri ake haɗa su cikin gwajin yau da kullum ba. Ka buɗe baki ka tambaya.

Ba zai gaya maka irin da ka saya tsohon iri ne ba, ko takin da aka sayar maka an gauraya shi. Ba zai nuna maka ƙasar da ta daskare can ƙarƙashin inda garma take tsayawa ba, ko kwarin da ruwa yake kwanciya a Agusta. Wannan sai ka haƙa rami da kanka ka duba yadda saiwa take tafiya, ko miƙewa take yi ƙasa ko lanƙwashewa. Kai da ka shekara 30 kana noma gonar nan ka fi ɗakin gwaji sanin waɗannan, kuma ba na son wani ya raina wannan ilimin don ya ga takarda da lambobi.

Akwai kuma inda ake yawan ɓata abin tun daga gona, wato wajen ɗibar ƙasar. Mutum ya tsaya a bakin hanya ya cika leda ya tafi, ai labarin bakin hanya za a ba shi. Ka shiga gonar kana tafiya karkace-karkace, ka tsaya a wurare 15 zuwa 20. Kowane wuri ka share ciyawar sama, ka haƙa zurfin taƙi ɗaya, wato kimanin santimita 20, ka yanko ƙasa daga sama har ƙasa. Ka kauce wa gindin gawo, da suri, da inda aka jibge taki ko aka ƙona kara, da inda shanu suka kwana. Ka zuba duka a bokitin roba mai tsabta, ba buhun da ya taɓa ɗaukar taki ba, ka cakuɗa sosai, ka shanya a inuwa, sannan ka ɗebi cikin gwangwanin madara uku. In gonarka rabi jigawa ce rabi fadama, kowacce ledarta daban. Ka rubuta sunanka, da garinku, da abin da ka noma bara, da abin da kake nufin shukawa bana.

Ana yin wannan aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya, da sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero a Kano. In zuwa zai yi muku nisa, ku haɗu a ƙungiya ku ba mutum ɗaya ya kai, ko ku bi ta hannun malamin gona na yankinku. Sau ɗaya a shekara uku ko huɗu ya wadatar. In takarda ta fito kada a cusa ta a ƙarƙashin katifa, a kai wa malamin gona ya mayar da lambobin zuwa buhu da mudu.

Baba, ka sa yaron nan ya kawo mana takardar, ya kuma gaya mana inda ya ɗebi ƙasar, da ranar da kuka shuka, da ranar da kuka sa taki, da ko kun ga wuta-wuta. Da waɗannan za mu iya gano inda matsalar take kafin ruwan shuka ya sauka.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan yadda ake ruɓar da takin gida kafin a kai gona. Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.