Takardar Neman a Mayar da Kuɗin da Aka Cire Sau Biyu

Litinin, 19 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Manajan Reshe,
Ta hannun Sashen Kula da Ƙorafin Abokan Hulɗa

Ranka ya daɗe,

NEMAN A MAYAR DA 86,500 DA AKA CIRE SAU BIYU DAGA ASUSUNA MAI ƘAREWA DA 4417

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Sunana Sani Abdullahi, ina da asusun ajiya a wannan reshe naku tun shekarar 2017, lambarsa tana ƙarewa da 4417, katin da ke haɗe da shi kuma yana ƙarewa da 0952. Na rubuto ne ina neman a mayar min da 86,500 da aka cire daga asusun ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025. Sayayya ɗaya na yi a ranar, amma sau biyu aka ɗebi kuɗinta, kuma har zuwa yau da nake wannan rubutu ɗayan bai dawo ba.

Ga yadda abin ya faru. Na sayi keken ɗinki guda ɗaya a wani shago, muka daidaita a kan 86,500, na ce da kati zan biya. Yaron shagon ya sa katin a na'urar `POS` da ƙarfe 2:41 na rana, na danna lambar sirrina da hannuna. Na'urar ta yi ta juyawa ta fi minti ɗaya, daga baya ta fitar da rasit mai ɗauke da `DECLINED`, a ƙasansa kuma an rubuta `ISSUER OR SWITCH INOPERATIVE`. Na duba wayata, babu alat. Yaron ya ce sabis ne ya tsaya, mu sake gwadawa. Muka sake da ƙarfe 2:44, nan take ta fitar da `APPROVED`. Aka ɗaure min kaya na tafi. Ban kai gida ba alat biyu suka shigo a jere, kowanne na 86,500.

Kafin na shiga shagon akwai 214,300 a asusuna. Cirewar farko ta mayar da shi 127,800, ta biyu ta bar 41,300. Ke nan 173,000 suka fita a kan kayan 86,500.

Domin kada a sha wahalar nema, ga bayanan cirewar biyu kamar yadda suke a jikin rasit da takardar bayanin asusuna. Ta farko, wadda na'ura ta ce ba ta shiga ba, an yi ta da ƙarfe 2:41, lambar `RRN` ɗinta, wato lambar da ake bin sawun ciniki da ita, 512613448213, kuma babu lambar amincewa a rasit ɗinta, gurbin a wofi yake. Ta biyu an yi ta da ƙarfe 2:44, `RRN` ɗinta 512613448377, lambar amincewarta 730418. Na'ura ɗaya ce, kati ɗaya, adadi ɗaya, tsakaninsu minti uku.

Ina roƙo a lura da wani abu, domin a kansa ne ake yawan samun ruɗani. Ba na musun cirewa ta biyu. Ni na yi ta, na karɓi kayana, kuɗin mai shago ne halak malak, kada a taɓa su. Ta farko kaɗai nake so a mayar. Haka kuma wannan ba maganar damfara ba ce. Katina yana aljihuna, ba wanda ya san lambar sirrina, don haka babu dalilin rufe shi ko a ce in nemi sabo. Na faɗi haka ne saboda ranar da na fara kawo ƙorafin, fom ɗin da aka fara miƙo min na satar kati ne, sai da na yi bayani aka canza.

Ranar Alhamis, 8 ga Mayu, na zo reshenku na sami jami'ar da ke teburin ƙorafi. Ta karɓe ni da mutunci, ba ni da abin cewa a kanta. Ta duba kwamfuta ta tabbatar min da bakinta cewa cirewa biyu ne, ta ba ni lambar ƙorafi 20250508-0316, ta ce in yi haƙuri, irin wannan kuɗi yakan dawo da kansa cikin kwana uku na aiki. Na yi haƙuri. Da kwanakin suka wuce shiru, na kira layin abokan hulɗa ranar Laraba, 14 ga Mayu. Wanda ya ɗauka ya ce daga ɓangarenku kuɗin ya riga ya fita, in koma wurin mai shago ya mayar min.

Na koma ɗin. Mai shagon dattijo ne mai kirki, bai ja maganar ba. Ya fito da takardar da na'urarsa ta buga a ƙarshen cinikin ranar 6 ga wata, wadda ke jera duk abin da ya shiga da wanda bai shiga ba. Mun bi ta layi-layi da yatsa. Na 2:44 yana cikin waɗanda suka shiga, na 2:41 yana cikin waɗanda aka ƙi. Bai tsaya nan ba, ya buɗe wayarsa ya nuna min abin da bankinsa ya zuba masa washegari, kuma kuɗin keken sau ɗaya ya bayyana. Ya rubuta min takarda da sa hannunsa da hatimin shagon cewa sau ɗaya aka biya shi. Da wane baki zan ce wa mutumin nan ya ba ni kuɗin da bai gani ba?

To, ranka ya daɗe, kuɗin ya bar asusuna, bai isa hannun mai shago ba. Yana wani wuri a tsakani, kuma wurin nan ni ba ni da hanyar leƙa shi, ku ne kuke da ita. Aikina lissafin kuɗi ne a wani ƙaramin kamfani, don haka na ɗan san yadda abin yake tafiya. Idan aka sa kati, na'ura tana aika tambaya ta bankin mai shago da kamfanin da ke haɗa bankuna zuwa bankin mai kati. Bankin mai kati ya cire kuɗin ya aika da amsa. Idan amsar ta makara a hanya, na'ura za ta gaji da jira ta ce ba a yi ba, sannan ya kamata saƙon sokewa ya biyo baya domin kuɗin ya koma inda ya fito. A nawa lamarin, alamu duka sun nuna an cire, amsar ba ta iso a kan lokaci ba, saƙon sokewar kuma ko dai bai zo muku ba ko ya zo ba a yi aiki da shi ba. Ko wanne ne daga ciki, lambar `RRN` ta farko za ta nuna muku inda aka tsaya.

Na kuma san akwai bambanci tsakanin kuɗin da aka riƙe na ɗan lokaci da wanda aka cire gaba ɗaya. Wanda aka riƙe yakan saku da kansa, ina jin shi jami'arku take nufi. Nawa ba haka yake ba. Takardar bayanin asusun da na karɓa a reshenku ranar Juma'a, 16 ga Mayu, ta nuna cirewar biyu duka sun zauna daram a layinsu, kowacce da ranarta. Jira ba zai dawo da wannan ba, sai wani ya zauna ya bi sawunsa. Idan bincikenku ya nuna cewa bankin mai shago ya karɓi kuɗin sau biyu bai sanar da shi ba, kamfanonin kati sun tanadi hanyar da bankin mai kati zai nemo su. Katina na Visa ne, kuma a tsarinsu biyan abu ɗaya sau biyu yana da gurbinsa a ƙarƙashin lamba 12.6. Ni ba ni da ikon shigar da wannan buƙata, sai bankin da ya ba ni katin. Tana da wa'adi kuma, shi ya sa ba na so a ci gaba da ce min in dawo mako mai zuwa har lokaci ya ƙure.

Akwai asarar da ta biyo baya wadda ba zan yi shiru a kanta ba. Ina da umarnin dindindin a asusun nan, ana tura 60,000 kuɗin haya ranar 9 ga kowane wata. A wannan watan umarnin ya faɗi saboda 41,300 kawai aka tarar, kuma aka caje ni 500 a kan haka. Da ba a yi cirewar farko ba, 127,800 ne zai kasance a ciki, ya isa har da saura. Sai da na ranto na kai wa mai gida da hannu, na tsaya ina ba da uzuri a kan abin da ba ni na jawo ba. Wannan 500 ɗin ba ta da yawa, amma ba laifina ba ne, don haka ita ma a mayar.

Abin da nake nema a gare ku shi ne a mayar da 86,500 na cirewar ƙarfe 2:41 cikin asusuna, a haɗa da 500 na cajin umarnin da ya faɗi, jimla 87,000. Ina kuma so a ba ni amsa a rubuce, ko ta takarda ko ta adireshin imel da ke cikin bayanan asusuna, wadda za ta faɗi ranar da aka shigar da buƙatar da ranar da kuɗin zai shigo. Idan kuwa kun ga ba za a mayar ba, a rubuta min dalili, tare da shaidar da ke nuna asusun da kuɗin ya faɗa, domin in san wanda zan nufa. Maganar baki a kan tebur ta ishe ni haka.

Na haɗa wannan takarda da kwafin rasit biyun, da hoton alat biyun daga wayata, da takardar bayanin asusuna daga 1 zuwa 16 ga Mayu inda na ja layi a ƙarƙashin cirewar, da kwafin takardar ƙarshen cinikin shagon, da takardar shaidar mai shago. Rasit ɗin na asali suna hannuna. Rubutun jikinsu ya fara dusashewa kamar yadda irin takardar take yi, shi ya sa na yi musu kwafi tun da wuri, amma duk lokacin da aka buƙace su zan kawo. Mai shagon ma ya ce a shirye yake ya amsa kira idan kuna so ku ji daga bakinsa, lambarsa tana jikin takardar da ya rubuta.

Zan saurari amsarku zuwa ranar Litinin, 26 ga Mayu, 2025. Idan ranar ta wuce kuɗin bai shigo ba kuma ban sami bayani a rubuce ba, zan kai ƙorafin hedikwatarku, daga nan kuma zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na babban banki, da wannan takarda da lambar ƙorafin da kuka ba ni. Ba na fatan a kai ga haka. Tun da na buɗe asusu a wurinku ban taɓa kawo ƙarar komai ba, kuma na fi son a gama maganar a nan reshe.

Don Allah a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafi na biyu na wannan takarda a ba ni in riƙe.

Na gode. Allah ya taimaka.

Naku,

Sani Abdullahi
Mai asusu mai ƙarewa da 4417
Lambar ƙorafi: 20250508-0316